Dabarar Feynman

Dabarar Feynman wata hanya ce ta karatu da mutum yake ɗaukar batu mai wuya, ya rufe littafi, sannan ya yi bayaninsa da baki ga wani sabon shiga da ya ƙiyasta a zuciyarsa, wato wanda bai taɓa jin batun ba. Manufar ita ce gano wuraren da fahimtar mai bayanin ba ta kai ba, domin a nan ne harshe yake sarƙewa, ko mutum ya fake da wata babbar kalma da ba zai iya warware ta ba. Ɗalibai da yawa suna ware mata zama ɗaya a kowane mako. An laƙaba wa dabarar sunan Richard Feynman (1918–1988), masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Amurka, duk da cewa ba shi ne ya tsara matakanta kamar yadda ake koyar da su a yau ba.

Asalin sunan

Feynman ya samu kyautar Nobel a fannin fiziks a shekarar 1965, tare da Julian Schwinger da Sin-Itiro Tomonaga. Ya shahara da iya bayani, musamman saboda darussan da ya gabatar wa ƙananan ɗalibai a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wato Caltech, daga 1961 zuwa 1963, waɗanda daga baya aka buga su a littafi mai juzu'i uku.

Labarai biyu ne aka fi jingina dabarar da su. Na farko yana cikin tarihin rayuwarsa da James Gleick ya wallafa a 1992. An ce lokacin da yake shirin jarrabawar baka a Jami'ar Princeton, Feynman ya buɗe sabon littafin rubutu ya keɓe shi ga abubuwan da bai sani ba, ya riƙa warware kowane reshe na fiziks yana neman inda bayanin bai haɗu ba. Na biyu kuwa abokin aikinsa David Goodstein ne ya bayar da shi. Ya taɓa tambayar Feynman dalilin da ya sa wani rukuni na ƙananan ƙwayoyin zarra yake bin wata doka ta musamman. Feynman ya yi alkawarin shirya darasi a kan haka wanda ɗan aji ɗaya na jami'a zai gane. Bayan 'yan kwanaki sai ya dawo ya ce ya kasa, kuma ya ɗauki kasawar a matsayin shaida cewa masana ba su fahimci abin yadda ya kamata ba tukuna.

Sunan da jerin matakan sun yaɗu ne bayan rasuwarsa, musamman ta hannun Scott Young, marubuci ɗan Kanada mai rubutu a kan hanyoyin koyo, a wajajen 2011. Hujjar da dabarar take tsaye a kai ta fito ne daga binciken masana halayyar ɗan Adam.

Matsalar da take magancewa

A 2002, Leonid Rozenblit da Frank Keil na Jami'ar Yale sun wallafa wani bincike a kan abin da suka kira ruɗin zurfin fahimta. Sun ba mutane jerin abubuwan yau da kullum, irin su zif na tufafi, da makullin ƙofa, da masai mai tankin ruwa, da jirgi mai saukar ungulu, suka ce kowa ya ba kansa maki daga 1 zuwa 7 gwargwadon yadda yake jin ya san aikin abin. Daga nan suka nemi a rubuta bayani mataki-mataki na yadda abin yake aiki, sannan a sake ba da maki. Makin ya faɗi. Babu wanda ya gyara musu kuskure a wannan gaɓa, ƙoƙarin bayanin kaɗai ya nuna musu cewa sanin da suke taƙama da shi bai kai yadda suke zato ba.

Wani abin lura a binciken shi ne ruɗin bai zama ɗaya a kowane irin sani ba. Idan aka tambayi mutum babban birnin wata ƙasa, ko labarin wani fim da ya kalla, ƙiyasinsa game da saninsa ba ya yin nisa sosai da gaskiya. Inda yake yin nisa shi ne bayanin yadda abu yake aiki da dalilin da ya sa yake aiki. Mutum yana ganin zif kullum, yana jan sa yana rufewa, sai sabo da ganin abin ya zame masa kamar sanin cikinsa. Rebecca Lawson ta Jami'ar Liverpool ta nuna irin haka a 2006 da keke. Ta nemi mutane su cika zanen keke ta hanyar sa sarƙa da feda a inda suke. Da yawa sun zana keken da ba zai taɓa tafiya ba, har da masu ɗaura sarƙar a tayar gaba da ta baya gaba ɗaya, abin da zai hana kan keken juyawa. Cikin masu kuskuren har da masu hawa keke a kai a kai.

Haka yake faruwa da ɗalibin da ya karanta babi sau uku. Jimlolin sun zama sanannu a idonsa, ba ya cin tuntuɓe da komai, sai ya ɗauka ya gane. Amma tsarin bayanin na marubucin ne, kuma yana kan takarda. Sai an rufe littafin ake sanin ko nawa ne ya shiga kai.

Yadda zaman yake gudana

Ana farawa da zaɓen batu ɗaya, kuma ƙarami. “Tattalin arziki” ya yi faɗi da yawa, domin mutum zai iya yin minti ashirin yana zagaye a kansa ba tare da ya taɓa wurin da ke da wuya ba. “Me ya sa ƙarin kuɗin ruwa yake rage hauhawar farashi” shi ne girman da ya dace. Ya fi kyau a mayar da batun tambaya mai farawa da “me ya sa” ko “ta yaya”, saboda irin waɗannan tambayoyi ne ba a iya amsa su da hadda.

Sai a tsayar da mai sauraro. Galibi ana ƙiyasta yaro mai shekara goma sha biyu ko makamancin haka: yana da wayo, yana iya bin hujja, amma bai san kalmomin fannin ba, kuma ba ya jin kunyar cewa bai gane ba. Wannan zaɓi yana da dalili. Idan aka ƙiyasta malami ne yake saurare, mai bayani yakan ambaci sunan abu ya wuce, yana dogara da cewa malamin ya san sauran. Yaro kuwa ba zai cike masa gurbin komai ba.

Daga nan a rufe littafi da duk wani rubutu, a yi bayanin da murya, a tsaye ko a zaune, da takarda ko allo a kusa domin zane. Minti biyar zuwa goma sun isa ga batu ɗaya. Magana a fili ta fi tunani a zuci tsanani, saboda a zuci mutum yakan tsallake mataki ba tare da ya ankara ba, amma jimlar da aka fara da baki dole a kai ta ƙarshe. Wasu suna naɗar muryarsu a waya su saurara daga baya, tunda mai magana ba ya jin duk tuntuɓensa a lokacin da yake yin sa.

Duk inda aka sarƙe, ba a buɗe littafi nan take. Ana rubuta gurbin a matsayin tambaya takamaimiya, a ci gaba har a kai ƙarshe. Bayan an gama ne ake komawa littafi, kuma a kan waɗannan tambayoyi kaɗai, sannan a sake bayanin tun daga farko.

Alamomin gurbi

Yin shiru a tsakiyar jimla shi ne alama mafi sauƙin ganewa, amma ba ita ce mafi yawa ba. Mafi yawan gurabe suna ɓuya ne a cikin magana mai tafiya sumul. Akwai fakewa da suna, inda mutum yake ambaton kalmar fannin a maimakon bayani, kamar a tambaye shi me ya sa dutse yake faɗuwa ya ce saboda maganaɗisun ƙasa ne, ya tsaya a nan. Akwai bayani mai zagaye, inda dalilin da aka bayar shi ne abin da ake tambaya a cikin wasu kalmomi. Akwai kuma kalmomin tsallake irin su “daga nan sai kawai” da “kamar yadda kowa ya sani”, waɗanda sau da yawa suna zaune ne daidai inda wani mataki ya ɓace. Idan mutum ya kasa kawo misali nasa na kansa, sai na littafi, wannan ma alama ce. Haka nan idan aka ɗan sauya tambayar, aka ce to da a ce kaza bai kasance ba me zai faru, bayanin ya rushe.

Misali: me ya sa ake samun lokacin zafi da na sanyi

Wannan tambaya ta shahara a fagen koyar da kimiyya. A wani ɗan gajeren fim na ilimi mai suna A Private Universe da ya fito a 1987, an yi ta ga mutane a wurin bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Harvard, kuma mafi yawansu sun ba da amsar da ba daidai ba, cikin natsuwa da tabbaci.

A ɗauka wata ɗaliba ta zaɓi wannan tambaya. A bayaninta na farko ta ce duniya tana zagaya rana a kan hanyar da ba cikakkiyar da'ira ba ce, don haka idan ta matso kusa sai a yi zafi, idan ta yi nisa a yi sanyi. Maganar ta fita ba tare da tuntuɓe ba. Sai ta sa yaron da ta ƙiyasta ya yi tambaya: to ke nan ko'ina a duniya lokaci ɗaya ake yin zafi? A nan bayanin ya karye, domin ta san cewa a watan Disamba, lokacin da ƙanƙara take sauka a Turai, a Ostireliya da Afirka ta Kudu zafi ake yi. Duniya ɗaya ba za ta kasance kusa da rana da kuma nesa da ita a rana guda ba. Tambayar farko da ta rubuta ke nan.

Da ta koma littafi sai ta tarar da abin da ya ƙara rushe zatonta. Duniya ta fi kusa da rana a farkon watan Janairu, a nisan kilomita miliyan 147, kuma ta fi nisa a farkon Yuli, a nisan kilomita miliyan 152. Wato arewacin duniya yana tsakiyar sanyi ne a daidai lokacin da aka fi kusa da rana. Ainihin dalilin shi ne duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi.

A bayani na biyu sai ta ce: duniya a karkace take, don haka ɓangaren da ya karkata wajen rana ya fi kusa da ita, shi ya sa yake yin zafi. Wannan shi ne wurin da misalin ya fi koyarwa, domin ta ɗauko kalmar da ke daidai, karkata, ta ɗora ta a kan tsohon kuskuren, wato kusanci. A jarrabawar zaɓi-ɗaya da ta ci makin. Yaron kuwa ya sake tambaya: kusa da nawa? Faɗin duniya gaba ɗaya bai kai kilomita 13,000 ba, saboda haka matsowar da karkata take jawowa 'yan dubban kilomita ce. Idan bambancin kilomita miliyan biyar bai kawo lokacin zafi ba, 'yan dubbai ba za su kawo ba.

Sai a karo na uku bayanin ya tsaya da ƙafarsa. Ta ɗauki tocila ta haska bango kai tsaye, hasken ya taru a ƙaramar da'ira mai ƙarfi. Ta karkatar da tocilar, hasken ya bazu a wuri mai faɗi ya yi rauni. Haka rana take: idan ta hau sama sosai da tsaka, zafinta yana taruwa a ƙaramin fili, idan ta yi ƙasa-ƙasa sai ya bazu. A Landan, tsayin rana da tsaka yana kaiwa kimanin digiri 62 sama da sararin ƙasa a ƙarshen Yuni, amma a ƙarshen Disamba kimanin digiri 15 ne kawai, abin da ya sa hasken da yake sauka a kan fili ɗaya da tsakar rana ya ninka fiye da sau uku a Yuni. Ga kuma tsawon yini, wanda yake wuce awa 16 a Yuni, ya kasa kaiwa awa 8 a Disamba. Abubuwa biyun nan, tsayin rana da tsawon yini, su ne abin da karkatar take sauyawa.

Zaman ya ƙare da sabuwar tambaya da ba a amsa ba. A Kano, wadda take kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, zafi ya fi tsanani a Afrilu da Mayu, ba a Yuli ba, kuma abin da ya raba shekara shi ne rani da damina. Bayanin tocila shi kaɗai bai isa ya warware wannan ba, sai an shigo da iskar damina da gajimare. Ɗalibar ta rubuta wannan a matsayin batun mako mai zuwa.

Dalilin maimaitawa mako-mako

Bayanin da aka yi minti goma bayan karatu yana iya yaudara, saboda kalmomin littafin suna nan a kunne, mutum yana iya maimaita su ba tare da ya mallake su ba. Bayan kwana bakwai lafazin ya gushe, abin da ya rage shi ne abin da aka fahimta, kuma da shi za a sake gina bayanin. Shi ya sa masu amfani da dabarar sukan raba zaman mako gida biyu: a fara da batun makon jiya ba tare da an duba komai ba, sannan a shiga sabo. Littafin tambayoyin da aka rubuta shi ne yake haɗa zama da zama. Tambayar da ta dawo mako uku a jere tana nuna cewa matsalar ba a batun take ba, tana can ƙasa a wani darasi da aka tsallake tun farko.

Amfanin barin tazara tsakanin karatu da bita an san shi tun daga gwaje-gwajen Hermann Ebbinghaus a Jamus, waɗanda ya wallafa a 1885. Amma kwana bakwai ba wani adadi ne na musamman ba. Binciken Nicholas Cepeda da abokan aikinsa na 2008, wanda aka yi a kan tuna gajerun bayanai, ya nuna cewa tazarar da ta fi dacewa tana ƙaruwa gwargwadon tsawon lokacin da ake son a riƙe abin: 'yan kwanaki kaɗan idan jarrabawar mako mai zuwa ce, makonni idan sai bayan shekara. An fi zaɓen mako ne saboda ya dace da jadawalin makaranta da na aiki, kuma rana tsayayya tana hana mutum ɗage zaman. Ɗagewar kuwa abu ne mai sauƙi, tunda zaman ba shi da daɗi: aikinsa nuna wa mutum abin da bai sani ba.

Abin da bincike ya nuna

Logan Fiorella da Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun gwada koyarwa ga mai sauraron da ba ya nan a 2013. Ɗalibai sun karanta darasi a kan dalilin da ya sa sautin jiniya yake sauyawa idan mota ta matso sannan ta wuce. Wasu an ce musu jarrabawa za su yi, wasu an ce za su koyar amma ba su koyar ba, wasu kuma sun koyar a gaban kyamara. A gwajin da aka yi bayan mako ɗaya, waɗanda suka koyar da gaske ne suka riƙe fifikonsu. Shirin koyarwa kaɗai ya taimaka ne a gwajin nan take.

A 2018, Aloysius Koh da Sze Chi Lee da Stephen Lim na Jami'ar Ƙasa ta Singafo sun nemi sanin daga ina amfanin yake fitowa. Sun kwatanta masu koyarwa da ka da masu koyarwa suna karanta rubutaccen bayani da aka ba su, da kuma masu rubuta duk abin da suka tuna ba tare da koyarwa ba. Bayan mako ɗaya, masu koyarwa da ka da masu rubuta abin da suka tuna sun fi masu karanta rubutu. Wannan yana nuna cewa babban rabo na amfanin yana cikin tono abu daga ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya yi bayanin littafi a buɗe ya zubar da mafi yawansa.

Iyakokinta

Babban rauninta shi ne mai bayani da mai sauraro mutum ɗaya ne. Yaron da aka ƙiyasta ba zai iya tambayar abin da mai ƙiyasta shi bai san ana tambaya ba. A misalin da ya gabata, ɗalibar ta tsira ne saboda ta riga ta san ana zafi a Ostireliya a Disamba. Da ba ta sani ba, da bayaninta na farko ya wuce lami lafiya, kuma maimaita shi mako-mako da ya ƙara kafa kuskuren. Dabarar tana kama gurbi fiye da yadda take kama kuskuren da mutum ya gamsu da shi. Maganin wannan shi ne a kwatanta bayanin da littafi mataki-mataki ko da an ji ya tafi daidai, kuma lokaci-lokaci a yi shi gaban mutum na gaske.

Rod Roscoe da Michelene Chi, a nazarinsu na 2007 a kan ɗalibai masu koyar da 'yan uwansu, sun lura cewa yawancinsu suna karkata ga zuba abin da suka karanta kamar yadda yake, ba tare da sun haɗa shi da wani abu ko sun bincika dalilinsa ba, kuma irin wannan koyarwa ba ta ƙara wa mai yin ta fahimta sosai. Mai magana shi kaɗai a ɗaki ya fi kowa faɗawa wannan tarko, musamman idan Allah ya ba shi baki, domin zaƙin magana yana rufe gurbi kamar yadda sabo da shafi yake rufewa.

Akwai kuma haɗarin sauƙaƙawa har a ɓata gaskiya. Kwatanta wutar lantarki da ruwa a cikin bututu yana taimakawa a farko, amma idan aka yanke waya wuta ba ta tsiyaya ƙasa kamar ruwa. Duk kwatancin da aka yi amfani da shi ya kamata a faɗi inda ya daina aiki. Sannan a fannoni irin su lissafi da fiziks da rubuta manhajar kwamfuta, iya bayanin ƙa'ida daban yake da iya aiki da ita. Ɗalibi yana iya bayyana dokar Newton ta biyu sarai, amma ya kasa warware tambayar da aka ɗora kaya a kan gangare. A irin waɗannan fannoni ana haɗa zaman bayani da warware tambayoyin da ba a taɓa gani ba.

Makamanciyarta a wajen masu rubuta manhaja

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da irin wannan al'ada wajen neman kuskure. Andrew Hunt da David Thomas sun ambace ta a littafinsu The Pragmatic Programmer na 1999, inda suka kawo labarin wani mai ajiye 'yar agwagwar roba a kan teburinsa yana yi mata bayanin aikinsa layi bayan layi. Sau da yawa kuskuren yakan bayyana a daidai inda abin da mutum ya faɗa da baki ya saɓa wa abin da ya rubuta. Bambancin shi ne ana yin wannan ne idan matsala ta riga ta taso, ita kuwa dabarar mako-mako ana yin ta ne a kan batun da mutum yake jin ba shi da matsala da shi.